Me ya sa mai juyi a kan ƙanƙara ke ƙara gudu idan ta naɗe hannuwa?

A ranar 19 ga Janairun 2015, a birnin Warsaw, wata matashiya mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, Olivia Oliver, ta yi juyi a tsaye da saurin zagaye 342 a minti guda, kusan zagaye shida ke nan a kowane sakan. Kafin ita, bajintar tana hannun Natalia Kanounnikova, wadda ta kai zagaye 308 a New York a shekarar 2006. Duk wanda ya kalli irin wannan juyi zai ga abu guda. 'Yar wasa takan fara a hankali, hannuwa a buɗe, ƙafa ɗaya a miƙe. Sai ta janyo su jikinta, nan take gudunta ya ninka har fuskarta ta daina ganuwa. Ba ta sake tokarar ƙanƙara ba, babu kuma wanda ya tura ta.

Bayanin da aka saba ji shi ne wai dokar kiyaye juyi ce. Gaskiya ne, amma bai cika kashe ƙishirwar mai tambaya ba, domin an riga an koya masa cewa abu ba ya ƙara gudu sai da turi, makamashi kuma ba ya fitowa daga babu. To wane ne ya tura ta, kuma daga ina ƙarin makamashin ya zo?

## Abubuwa huɗu da za a rarrabe

Na farko shi ne saurin juyi, wato yawan zagayen da abu ke yi a cikin wani lokaci. Alamarsa ω. Ana iya ƙirga shi da zagaye a minti, amma a lissafi ana amfani da radiyan a sakan, kuma zagaye guda radiyan 6.28 ne.

Na biyu shi ne nauyin juyi, wanda a ajin fiziks ake ce wa momen of inashiya, mai alamar I. Shi ne yadda abu ke turjewa idan ana so a juya shi, ko a tsayar da shi yana juyi. Nauyin abu kaɗai ba ya ba da shi, sai an san inda nauyin yake zaune daga layin da ake juyi a kai. Mai kaɗin zare ta san haka a hannunta: gululun yumɓun da ke jikin mazari shi ke sa mazarin ya daɗe yana juyi bayan an murza shi, saboda ya ajiye nauyi a nesa da tsinken. Ga dunƙulen abu mai nauyin m da ke nisan r daga tsakiya, lissafin shi ne:

```
I = m × r²
```

Nisan sau biyu yake shiga, kuma a nan zancen yake. Idan aka rage nisa zuwa rabi, nauyin juyi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Hannu ba wani babban kaso ba ne a nauyin jikin mutum, amma idan ya miƙe yana nesa da tsakiya, tasirinsa a juyi yakan zarce nauyinsa nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne abin da ake kira angula momentom, wanda a nan za a ce masa jarin juyi, mai alamar L. Shi ne abin da ake samu idan aka ninka na biyu da na farko:

```
L = I × ω
```

Na huɗu shi ne murɗi, wato turin da ke zuwa ta gefe ya juya abu, irin wanda sifana ke yi wa noti. Turin da ya nufi tsakiya kai tsaye, ko ya fito daga tsakiya, ba ya murɗa komai.

Dokar kuwa gajeriya ce: jarin juyi ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, sai idan murɗi ya zo daga waje. Bakin takalmin 'yar wasa ƙarfe ne siriri, gogayyarsa da ƙanƙara kaɗan ce, kuma a kusa da tsakiyar juyin take, don haka murɗin waje bai taka kara ya karya ba a cikin sakan biyu ko uku. Idan I ya ragu alhali L yana nan, dole ω ya hau.

Tushen dokar ya girmi wasan na zamani. Masanin taurari Kepler ya wallafa a 1609 cewa duniyoyi sukan ƙara gudu idan sun matso kusa da rana, Newton ya nuna dalilin a 1687, Euler kuma ya shimfiɗa lissafin juyin abubuwa masu tauri a ƙarni na 18. A 1918 Emmy Noether ta nuna cewa dokar ta samo asali ne daga yadda dokokin fiziks ba sa fifita wata fuska a kan wata, ko gabas aka dosa ko arewa.

## Lissafi a kan kujera mai juyawa

Jikin 'yar wasa yana da wuyar aunawa, don haka malamai kan yi gwajin da kujera mai juyawa. A ɗauki ɗalibi zaune a kanta, da ƙarfe mai kilo 2.5 a kowane hannu. A ce nauyin juyin jikinsa da na kujerar a haɗe 1.8 ne a ma'aunin kg·m². Don sauƙi, za a ƙaddara cewa wannan adadi ba ya canzawa, ko da yake hannuwansa ma suna motsi.

Ya miƙe hannuwa, kowane ƙarfe yana nisan mita 0.8 daga tsakiya. Ƙarafan biyu kilo 5 ne, a ninka da 0.64, an sami 3.2. A haɗa da 1.8, jimla 5.0. Wani ya juya shi har ya kai zagaye 30 a minti, wato zagaye guda a sakan biyu, sannan ya sake shi. A radiyan wannan 3.14 ne a sakan, jarin juyinsa kuma 15.7.

Yanzu ya janyo ƙarafan zuwa ƙirjinsa, nisan mita 0.2. Nasu nauyin juyin ya faɗi daga 3.2 zuwa 0.2, jimla ta koma 2.0.

```
5.0 × 30 = 2.0 × ω₂
ω₂ = 75
```

Zagaye 75 a minti, ninki biyu da rabi. A lura cewa a wannan mataki babu buƙatar a koma radiyan, tunda ma'auni ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Makamashi ne ba ya yarda da wannan gajeriyar hanya. Makamashin juyi shi ne ½ × I × ω², kuma dole ω ya kasance a radiyan. Da farko jul 24.7 ne, jul kuwa shi ne ma'aunin makamashi. A ƙarshe, da ω ya kai 7.85, jul 61.7 ne. Shi ma ya ninka sau biyu da rabi, an sami ƙarin jul 37.

Wannan ƙari daga damatsan ɗalibin ya fito. Abin da ke zagaye kullum neman tafiya miƙe yake yi, sai an riƙe shi kafin ya bi da'ira, janyo shi ciki kuma aiki ne. A farkon janyowar kowane hannu yana jan kusan niyuton 20, niyuton kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ja ko turi. Da ƙarfen ya iso nisan mita 0.4, jan ya haura niyuton 36, saboda kujerar ta ƙara gudu. A ƙirji ya sauka zuwa kusan 31. Matsakaicin jan a duk tafiyar ya kai niyuton 31, tafiyar mita 0.6 ce, hannuwa biyu ne. A ninka su, an dawo kan jul 37 ɗin nan. Babu abin da ya zo kyauta. Shi ya sa 'yan wasa ke jin kamar ana fizge musu hannuwa waje, kuma wanda ba shi da ƙarfin ƙirji da kafaɗa ba zai iya matse jikinsa a irin saurin nan ba.

Idan ɗalibin ya sake miƙe hannuwa, zai koma kusa da zagaye 30. Jul 37 ɗin ba sa komawa su zama ƙarfi a jikinsa. Tsokar da ta yi birki a hankali ita ke shanye su, su zama zafi.

## Wane ne ya tura jikin?

Lissafin da ke sama ya faɗi sakamako, amma bai nuna hannun da ya yi turin ba. Akwai bayanai uku da ke yawo, kuma kowanne yana da abin da ya kama.

Wasu na cewa iska ce: idan aka naɗe hannu, iskar da ke tare jiki takan ragu. Gaskiya ne cewa iska na rage gudu, kuma matsattsen jiki ya fi ratsa ta. Sai dai rage birki ba ya ƙara gudu, iyakarsa ya jinkirta tsayawa. Kujerar kuwa tashi ta yi daga 30 zuwa 75, kuma 'yan sama jannati sun nuna irin wannan a tashar sararin samaniya ba tare da kujera ko ƙanƙara ba.

Wasu kuma na cewa ƙarafan suna riƙe da gudunsu na farko, da'irar ce ta ƙanƙance, don haka suke saurin kammala ta. Wannan ya fi kusa, kuma yana da daɗin fahimta, amma alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Da farko kowane ƙarfe yana tafiyar mita 2.5 a sakan, wato 3.14 sau 0.8. A ƙarshe mita 1.6 yake yi, wato 7.85 sau 0.2. Ashe gudun ƙarafan raguwa ma ya yi. A wani gwajin kuma akasin haka ake gani: idan aka ɗaura ƙaramin dutse a zare, aka zura zaren ta cikin bututu, ana wulwula dutsen ana jan zaren ta ƙasa, rage nisa zuwa rabi yakan ninka gudun dutsen sau biyu, saurin juyinsa kuma sau huɗu. A duka gwaje-gwajen biyu gudun bai tsaya inda yake ba. Abin da ya tsaya shi ne L.

Bayani na uku shi ne wanda ya dace da awo. Ƙarfen da ke nesa yana gudu a gefe fiye da duk wani sashe na jiki da ke kusa da tsakiya. Idan aka janyo shi ciki, yakan shigo da wannan gudu wurin da abubuwa ke tafiya a hankali, sai ya nemi ya wuce gaba. Hannu ya riƙe shi, shi kuma ya ja hannun gaba, hannu ya ja kafaɗa, kafaɗa ta juya gangar jiki da kujera. Murɗi ne na gaske, amma na cikin gida ne: abin da jiki ya samu, ƙarafa ne suka rasa. Da farko ƙarafan na riƙe da 10.05 daga cikin 15.7, jiki da kujera na da 5.65. A ƙarshe ƙarafan sun rage da 1.57, jiki da kujera sun tashi da 14.13. Jimla ba ta motsa ba.

Wanda ke zaune a kujerar zai ba da labarin da wani bakin. Shi a wurinsa, yana janyo ƙarfen sai ya ji wani abu na ture hannunsa gefe, zuwa fuskar da ake juyi. Wannan shi ake kira turin Coriolis, da sunan Bafaranshen da ya yi bayaninsa a 1835. Mai kallo daga ƙasa ba ya buƙatarsa, domin shi yana ganin ƙarfe ne kawai ke neman ci gaba da tafiyarsa. Duka biyun daidai suke, lissafinsu ɗaya yake bayarwa. Kuskure yana shigowa ne idan aka gauraya su a cikin aiki guda.

## Dandamali mai juyawa: hali uku masu kama da juna

A wuraren wasan yara akwai lilo mai faifai da ake turawa yana zagaye. A ɗauki faifai mai kilo 100, daga tsakiyarsa zuwa baki mita 2. Nauyin juyin faifai mai kauri bai ɗaya shi ne ½ × M × R², wanda ya ba da 200. Yaro mai kilo 40 da ke tsaye a baki ya ƙara 40 sau 4, wato 160. Jimla 360.

Idan faifan na zagaye 10 a minti, yaron ya tako zuwa tsakiya, nasa kason ya kusa zama sifili, jimla ta koma 200, sauri ya hau zuwa 18. Makamashi ya tashi daga jul 197 zuwa 355, kuma ƙafafun yaron ne suka biya bambancin, don tafiyar takan zame masa kamar hawan tudu.

A juya lamarin. Faifai babu kowa a kai, yana zagaye 18 a minti, sai yaron ya tako daga ƙasa ya hau baki, yana fuskantar tsakiya. Bai zo da jarin juyi ba, amma ya ƙara 160 a nauyin juyi, sai sauri ya faɗi zuwa 10. A nan makamashi ya sauka daga 355 zuwa 197, kuma jul 158 sun tafi a gogayyar takalmi da fizgar hannu a jikin ƙarfen riƙewa. Wanda ya warware wannan tambaya da zaton makamashi bai canza ba zai sami kusan 13, amsar da ba daidai ba ce. Dokar L ta yi aiki a hali biyun, makamashin juyi kuwa ya ƙaru a ɗaya ya ragu a ɗaya.

Hali na uku shi ya fi yaudarar ɗalibai. Yaron yana baki, ana zagaye 10, sai kawai ya saki hannu ya zame ƙasa ba tare da ya tokari faifan ba. Da yawa za su ce nauyin juyi ya ragu zuwa 200, don haka faifan zai hau 18. Ba zai hau ba, yana nan a 10. Yaron ya fita da gudunsa na gefe, wajen mita 2 a sakan, ya tafi da kasonsa na jarin juyi. Bambancin da hali na farko shi ne, a can ya shigo tsakiya ya miƙa wa faifan kasonsa, a nan kuwa ya yi gaba da shi. Tambayar da ke raba gardama kullum ita ce: me da me aka ƙirga a cikin abin da ke juyi, kuma wani abu ya fita da nasa ko bai fita ba?

## Inda dokar ke da iyaka

Naɗe hannu ba ya haifar da juyi. Idan L sifili ne, ko yaya aka rage I sifili za a samu. 'Yar wasa tana tara jarinta ne tun kafin juyin, lokacin da ta shigo a lanƙwashe tana tokarar ƙanƙara da gefen ƙarfen takalmi, hannuwa da ƙafa a buɗe. Haka abin yake a tsalle. Lokacin da ɗan wasan ƙanƙara Ilia Malinin ya zama na farko da ya yi tsallen aksel mai zagaye huɗu da rabi a gasa, a watan Satumban 2022, bai kai sakan guda a sama ba, kuma duk jarin da ya yi juyin da shi a ƙasa ya samo shi. A sama abin da ya rage masa shi ne ya matse jiki da wuri, sannan ya buɗe hannuwa da ƙafa daf da sauka domin saurin ya ragu ya iya tsayawa.

Gogayya kuma ba ta taɓa zama sifili. Mai gwaji da kujerar ofis da gorunan ruwa biyu yana iya auna ta da kansa: ya ɗaga ƙafafu, a juya shi a hankali, ya naɗe hannu, ya sake buɗewa nan take. Idan ya koma kusa da saurin farko, kujerar ta dace da gwajin. Idan ya koma ƙasa sosai, ko ya tsaya kafin zagaye uku, gindin kujerar ne ke cin jarin, kuma duk awon da aka yi da ita zai fito ƙasa da abin da ake tsammani. Dandamalin da inji ke juyawa da sauri tsayayye kuwa ba ya cikin zancen kwata-kwata, domin injin murɗin waje ne. Ko an tako ciki ko an fita, saurin yana nan, L ne ke canzawa.

## Abin da ya shafi jama'a

A wurin wasan yara lamarin ya wuce lissafi. Idan manyan yara da ke baki suka ruga tsakiya a lokaci guda, faifan yakan ƙara gudu ba zato, ƙaramin da aka bari a baki shi ke shan wahala. Ƙarfin da yake buƙata don ya riƙe yana hawa ne da ω², don haka tashi daga 10 zuwa 18 ya fi ninki uku a hannunsa. Wuri mafi aminci ga ƙarami shi ne kusa da tsakiya, a zaune.

Wannan doka ce kuma ke bayan labaran da kan tayar da hankali cewa an taɓa gudun duniya. Ita ma duniya abu ne mai juyi, kuma idan nauyi ya matsa kusa da layin juyinta ko ya yi nesa da shi, tsawon yini yakan canza. Richard Gross na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ƙiyasta cewa girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta rage tsawon yini da kashi 1.8 cikin miliyan na sakan. Benjamin Fong Chao, shi ma na NASA, ya lissafa a 2005 cewa cika madatsar Sanxia da ke kan kogin Yangtze a ƙasar Sin, mai ɗaukar ruwa kusan kubik kilomita 40, zai ƙara wa yini kashi 0.06 cikin miliyan na sakan, saboda an tara ruwa a sama, nesa kaɗan da layin juyi. Alƙaluman biyu lissafi ne, sun yi ƙanƙantar da ba a iya tsamo su kai tsaye daga awo. Iskokin sama kaɗai, da ke musayar jarin juyi da ƙasa, sukan sauya tsawon yini da kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan a cikin shekara, abin da ya ninka tasirin madatsar sau dubbai. Lokacin salla, fitowar alfijir da faɗuwar rana ba za su motsa yadda wani zai lura ba. Masu bibiyar waɗannan ƙananan sauye-sauye su ne masu kula da agogon duniya da masu sarrafa taurarin ɗan'adam da jiragen sararin samaniya, waɗanda dole su san daidai inda ƙasa ta juya kafin su faɗi inda na'urarsu take.